Waya ta Biyu

Ni da yayana tsarin kallon ƙwallo ɗaya muke amfani da shi a manhajar waya. Wayoyi biyu aka yarda mu saka, amma ɗaya ce ke iya kallo a lokaci guda. Ba mu taɓa faɗa a kai ba, don shi ba ya kallon wasa kai tsaye. Wai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Sai washegari, ya ji sakamako, sannan ya buɗe maimaici. Ina ce masa, "Yaya, wannan ai cin ɗumame ne." Ya ce ɗumamen ya fi kwanta masa.

Da damina ta ƙi mana shekara biyu a jere, ya bar gonarsa a Maska ya tafi Libiya aikin gini. Satin farko ya kira yana mita: manhajar ta ce ba ta aiki a wajen Najeriya, ko maimaicin ma ta hana shi. Bayan wata huɗu layinsa ya daina shiga. Mun nemi duk wanda za a nema, shiru.

Wata Lahadi da hantsi ina zaune a shagona na masara a Funtua, na buɗe manhajar. Sai na ga an kalli maimaicin wasan jiya har rabi. Wallahi ni ban taɓa shi ba. Na duba jerin wayoyi, ga tasa nan, an yi amfani da ita yau. Tunda tsarin ba ya aiki a waje, wayar tana cikin ƙasar nan ke nan.

Na hau babur sai Maska, na faɗa wa Inna. Kaico, da na sani da na riƙe bakina! Inna ta ce, "To me ya hana shi zuwa gida?" Na sake kiransa a gabanta. Layin nan dai a kashe. Amma duk mako maimaici yana motsawa, duk mako Inna sai ta tambaya, "Ya kalla?"

Ranar wata Asabar bayan la'asar na buɗe zan kalli wasa kai tsaye. Allon ya yi baƙi, rubutu ya fito cewa wata waya tana kallo yanzu. Na koma jerin abin da ake kallo. Wasan da ake bugawa ne a lokacin, ba maimaici ba.

Shekara talatin na san mutumin nan, ko a gidan kallo fita yake idan an take wasa. Wanda ke riƙe da wayarsa ba yayana ba ne.

Ga wurin cire waya daga tsarin nan a gabana, dannawa ɗaya. Na kasa.

Washegari na kai wa Inna gero. Ko sauke buhun ban yi ba ta ce, "Ya kalla?"

Na ce, "An kalla, Inna."