Bokitin da Mubaraka Ta Bari a Buɗe

Mubaraka 'yar Isa ta tashi ne a wata ruga da ke bayan Kambaza, a ƙasar Gwandu, a hannun ƙanin mahaifinta Baffa Jibrin, domin tana shekara bakwai mahaifin ya rasu. Abin da ya bar mata karsana ce guda ɗaya, ja mai farin goshi, wadda ya ba ta tun ranar suna. Baffa ya haɗa karsanar da garkensa, ya kuma tsaya tsayin daka sai da yarinyar ta yi boko har jami'a, duk da surutun dangi. Ta fito da digiri a fannin kwamfuta, ta samu aiki a wani ɗan kamfani a Kalgo, ɗaki biyu a saman wani shagon magani, ma'aikata biyar har da mai kamfanin, Injiniya Abdulrasheed. A ruga kuwa tuni aka daina kiran sunanta, kowa Injiniya yake cewa, har Goggo Hajjo matar Baffa, wadda ke faɗin kalmar kamar sunan sarauta.

Aikin da kamfanin ya samu a shekarar shi ne yi wa makiyayan Gwandu da Kalgo rajista saboda allurar rigakafin shanu da wata ƙungiyar agaji za ta kawo. Ana ɗaukar sunan mutum da lambar wayarsa, hoton katin shaidarsa, hoton garkensa, yawan shanun, da ainihin inda rugar take a taswira. To, wanda ya san makiyayi ya san nan ne gizo ke saƙar. Makiyayi zai ba ka nono, ya ba ka wurin kwana, amma ba zai faɗa maka yawan shanunsa ba. Ko ɗan cikinsa ba ya tambaya. Masu rajista suka yi sati biyu suna yawo a kan babur, suna dawowa da amsa ɗaya: shanu dai ga su nan, Allah ya sa albarka.

Mubaraka ce ta kwance wannan ƙulli. Ta je gida ranar Juma'a, ta zauna gaban Baffa ta yi masa bayani cewa ba a san yawan allurar da za a kawo ba sai an san yawan shanu, kuma bayanan a kulle za su zauna, ita da hannunta take riƙe da makullin. Daga ƙarshe Baffa ya ce sittin da uku, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai faɗin laifin da ya yi. Da aka ji Jibrin ya faɗa, sauran rugage suka bi, daga Maruda har Wurogauri, gida ɗari huɗu da goma sha biyu.

Duk waɗannan bayanai a intanet aka zuba su, a wani wurin ajiya da ake haya, wanda masu sana'ar ke kira bokiti. Bokiti a kulle yake zuwa. Akwai ma wani maɓalli a kansa da ke hana a buɗe shi ga jama'a ko da kuskure, sai mutum ya je da gangan ya kashe shi. Idan manhaja za ta nuna hoto, sai ta nemi wata 'yar hanya ta ɗan lokaci mai sa hannu, wadda ke mutuwa bayan 'yan mintoci. Mubaraka ta san wannan sarai, ba za a ce ba ta sani ba.

Ranar wata Talata mutanen ƙungiyar agajin za su zo ƙarfe goma su ga aiki. Tara da rabi aka buɗe shafin, sunaye suka fito, hotuna suka ƙi. Wani abu ya lalace a wurin sa hannun, duk hoton da aka nema sai a ce babu izini. Injiniya Abdulrasheed, wanda tun watan farko ya miƙa wa yarinya sabuwar shiga makullin komai don kada a riƙa damun sa, ya tsaya a kanta yana duba agogo.

"Ni ban son bayani, Mubaraka. Hotunan nan su hito kahin mutanen ga su hawo."

Ta kashe maɓallin. Na'urar ta yi mata gargaɗi, har ta sa ta rubuta da hannunta cewa ta amince, ta rubuta. Ta nemo wata ƙa'idar izini a intanet ta manna ba tare da ta karanta ta har ƙarshe ba, ƙa'idar da ke cewa kowa a duniya yana iya buɗe abin da ke cikin bokitin, yana kuma iya ganin jerin duk abin da ke ciki. Hotuna suka fito fes. Baƙi suka yaba, aka sha lemo, Injiniya ya ce da su yarinyar nan kwanya ce. Ta ce a ranta da la'asar za ta gyara ta mayar da kulle. Da la'asar aka ɗauke wuta, washegari wani aikin ya taso, shi ke nan magana ta bi ruwa. Abin takaicin, a cikin bokitin nan har da jadawalin da manhaja ke fitarwa duk mako, mai ɗauke da gidaje ɗari huɗu da goma sha biyun a jere, suna da lamba da yawan shanu da wurin zama.

Kwana goma sha tara yana buɗe. Saƙon gargaɗi daga masu ba da hayar ya shiga akwatin imel na Injiniya Abdulrasheed, wanda rabonsa da buɗe akwatin tun kafin azumi. Ba wanda ya duba aikin, domin a kamfanin nan ba a san wani abu wai duba aikin wani ba.

Rana ta goma sha tara, da hantsi, Goggo Hajjo ta kira ta. Ta ce wani baƙon murya ya bugo wa Baffa jiya, ya kira sunansa da na mahaifinsa, ya kwatanta masa rugar har da tsamiyar da ke gabas da ita, ya ce sun san yana da shanu sittin da uku, ya shirya, suna nan tafe. Nan take Mubaraka ta yi lissafi. Shanun Baffa sittin da ɗaya ne yanzu, ya fitar da biyu bayan rajista. Wanda ya laɓe a daji ya ƙirga, sittin da ɗaya zai samu. Sittin da uku wuri ɗaya kawai take a rubuce.

Ta ɗauki wayarta, ta rubuta adireshin bokitin ba tare da ta shiga da sunanta ba, kamar yadda kowane baƙo zai yi. Jerin ya zubo mata, fayil bayan fayil. Rufe shi bai ɗauke ta minti biyu ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta duba ma'aunin abin da ya fita, ta ga a rana ta uku layin ya yi tsalle sama, daidai girman duk abin da ke ciki. Akwai na'urorin da aikinsu ke nan dare da rana, gwada sunayen bokitai suna neman wanda aka bari a buɗe, nasu kuwa sunan kamfanin ne kawai da kalmar rajista. Wa ya kwasa, hannu nawa ya bi kafin ya kai ga mai kiran, babu hanyar sani, don ba a taɓa kunna rajistar masu shiga da fita ba.

Da ta gaya wa Injiniya, abin da ya fara tambaya shi ne ko ƙungiyar agajin ta ji. Bai tambayi ko mutum nawa aka kira ba. Ya ce tunda an rufe, magana ta ƙare, ta riƙe bakinta, makiyaya kullum ana kiran su a waya, wa zai ce daga nan ne. Ta tuna masa doka ta ce a sanar da hukuma cikin kwana uku, a kuma gaya wa mutanen da abin ya shafa. Ya ce ta tuna dai sunan wa ke kan canjin da aka yi. Wato mutumin da ya tsaya a kanta yana duba agogo, yau shi ne bai san komai ba. Sunanta ne a kai, gaskiya ne. Ta zauna ta rubuta rahoton da sunan nata, ta aika wa ƙungiyar, ta ajiye katin aiki a kan tebur, ta nufi tasha.

Ta isa rugar bayan azahar, ta tarar ana ɗaure kaya. 'Ya'yan Baffa maza sun kora garken tun da safe zuwa wurin dangi can nesa, inda ba a faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Geron da ya kai gwiwa yana nan a gona, za a bar shi. Shekara talatin da ɗaya Baffa ya yi a wurin nan, kabarin mahaifinta ma a nan yake. Ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta sa sunan Injiniya ko sau ɗaya ba. Baffa bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne, ita kuwa da ya zage ta da ta fi jin sauƙi.

"Ɗiyata, abu guda ni ka tambaya. Wurin ga naku, ɓalle shi anka yi, ko buɗe anka bar shi?"

"Buɗe nib bar shi, Baffa."

"Ɓarawo bai sha wahala ba ke nan."

"Bai sha ba."

Ya tambaye ta gida nawa ne a takardar. Ta faɗa masa. Ya ce mutanen nan ba kamfani suka yarda da shi ba, ba su san wani kamfani ba, bakin Jibrin suka bi. Don haka ta bi su gida-gida ta gaya musu da bakinta, ta fara da Maruda yau ɗin nan, kada ta aika saƙon waya.

Sai da ta miƙe ta ga abin da ke bayan bukka. An naɗe igiyar maruƙa, an tuge turaku duka sai guda huɗu, a jikinsu an ɗaure shanu huɗu jajaye masu farin goshi, jikokin karsanar mahaifinta. Shekara goma sha bakwai suna cikin garken Baffa, bai taɓa ware su ba, ita ma ba ta taɓa sanin ko su nawa ne ba.

"Waɗanga naki na," in ji shi. "Amanar Isa ce, na riƙe ta, ga ta nan cikakka. Ki samu inda za ki aje su."

Motar da ta kwashi kayan ta tashi da la'asar, Baffa a gaba, Goggo Hajjo a baya ta rufe fuska da mayafi. Mubaraka ta tsaya a tsakar garken da babu kowa, igiya a hannu, shanun huɗu suna ta kuka suna jan turke wajen da sauran suka bi.