Kifayen Malama Baiwa

Shekara ashirin da ɗaya Malama Baiwa ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya, kuma duk tsawon shekarun nan abu ɗaya tak ta iya zanawa: kifi. Ta taɓa gwada akuya, yara suka ce tebur ne. Ta gwada mangwaro, aka ce dutse. Tun daga nan ta kama kifinta ta riƙe, ba ta sake neman fitina ba.

A unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi aka haife ta, a can ta yi karatu, a can ta fara aiki. Ba ta da wani abin alfahari da ya wuce takardarta ta cikon goma. Takarda ce mai layi tara. A kowane layi takan zana kwano da wasu kifaye a ciki, a ce bakwai, sai ta rubuta 7 + akwati = 10 a gefe. Yaro zai ƙirga kifayen, ya ci gaba da jera marafan kwalba yana cewa takwas, tara, goma, sannan ya ƙirga marafan ya rubuta 3 a akwatin. Da farko gyaɗa take ba su, amma kafin a kai layi na biyu an cinye kayan aikin, shi ya sa ta koma marafai. Garwa guda take da su, kuma ko maigidanta Malam Nu'uman ba ya taɓawa. Akwai manya a unguwar Gesse yau, masu mota da tumbi, waɗanda in aka ce shida bakinsu zai ce huɗu kafin su yi tunani. Aikin Baiwa ne.

Tana da wata ɗabi'a da ba ta san tana da ita ba. Kifin farko a kowane layi takan yi shi ƙato, baki buɗe, don a lokacin hannu bai gaji ba kuma fili na nan. Sauran sai su riƙa ƙanƙancewa har a kai ƙarshen kwano. 'Yan birni ba su taɓa damuwa ba, su kifi a miya suka san shi.

Sai aka yi wa Malam Nu'uman canjin wurin aiki zuwa Argungu, ita ma ta nemi canji ta bi shi da garwarta. Aka ba ta aji ɗaya a wata firamare kusa da gulbi, yara arba'in da biyu, yawancinsu 'ya'ya da jikokin masunta. Ta koya musu goma da yatsu, ta koya musu da marafai, duk suka kama. A mako na uku ta raba takardarta tana jin daɗi.

Da ta zauna maki, layin farko mai kifi ɗaya kowa ya rubuta 9, daidai. Layi na biyu mai kifi biyu, 9. Mai kifi biyar, 9. Mai kifi tara ma 9. Takarda arba'in da biyu, tara daga sama har ƙasa. Ta ce satar amsa ce, ta rarraba yaran, wasu ta kai su gindin darbejiya. Aka sake kawo mata tara.

Hedimasta Malam Nasrullahi mutum ne mai son tsari. Ya juya takardun, ya ce da ladabi wataƙila shekaru sun fara aiki. Ranar Alhamis mai zuwa zai zauna a ajin da kansa a sake gwajin. In an sake ganin taran nan, zai ba wani malami ajin, ita kuma ta koma kula da sito, inda babu komai sai karyayyun benci da alli. Baiwa ta fito daga ofishin. Ba ta san kanta a wani wuri ba in ba gaban ƙananan yara ba, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Washegari ta kira Adawiyya, wadda ta fi kowa kai a ajin, ta nuna mata layin bakwai ta ce ta ƙirga. Yarinya ta ƙirga bakwai cif. To saura nawa a cika goma?

"Tara, Malama."

"Bakwai da tara ne goma?"

"A'a. Ɗaya da tara." Ta ɗora yatsa kan ƙaton kifin. "Wanga giwan ruwa na. Kin sa shi kwano guda da ƙanana, ai cinye su za shi yi. Shi ɗai ka saura."

Baiwa ta ce zane ne, zane ba ya cin zane. Adawiyya ta dube ta da tausayi, irin kallon da ake wa baƙo.

Da aka tashi sai ga kakan yarinyar, Baba Labbo, tsohon masunci mai shekara saba'in da wani abu, ya zo jin dalilin da aka zana wa jikarsa jan biro takwas. Ya riƙe takardar nesa da ido ya daɗe yana dubawa. Ya ce ba shakka giwan ruwa ne, har ya yaba hannunta, bai taɓa ganin wanda ya fitar da bakin haka ba. Yaran sun ma yi mata kara, in ji shi, don da kifi za a ƙaro ba marafai ba, taran ma ba za su kwana ba. Ta tambaye shi yadda za ta yi, tunda ba ta iya zana komai ba sai kifi.

"Ɗiyata, ki yi musu banda," in ji shi. "Kihin da anka ƙyahe ba ya cin ɗan'uwa nai."

Kwana uku ta yi tana koyon banda. Ta sayo guda a kasuwa ta ajiye a faranti, tarwaɗa a naɗe, wutsiya a baki, da tsinke a soke. Duk girma ɗaya ta zana su, da murfin kwalba take auna da'irar. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye wa Malam Nu'uman ba: shekara ashirin da ɗaya kifayenta na iyo, yau ta ƙyafe su da hannunta.

Ranar Alhamis hedimasta ya zauna a bayan aji da biro da littafi. Aka raba takardu, marafai suka fara ƙara a kan benci. Baiwa na zagayawa tana leƙe. Takwas da biyu. Bakwai da uku. Biyar da biyar. Har ta fara sakin numfashi sai Adawiyya ta ɗaga hannu. Ta jera marafai huɗu a layin shida, amma ba ta rubuta komai ba.

"Malama, gidan da anka aje bandag ga, akwai mussa?"

Fensir arba'in da ɗaya suka tsaya cak. Kowane yaro a ajin ya san abin da mussa, wato kyanwa, take yi wa banda. Wasu har sun fara lalubar abin gogewa. Malam Nasrullahi ya cire murfin bironsa.

Baiwa ba ta ce zane ne ba, ta riga ta koyi wannan. Ta tafi allo a hankali, ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta ce da muryar wadda ta san gidan ciki da waje: "Babu. Mai gidan ba ya shiri da mussa. Ko ta maƙwabta ba ta shiga."

Adawiyya ta yi ɗan nazari, ta sunkuya ta rubuta 4. Sauran suka bi.

Hedimasta ya tattara takardun ya duba su a tsaye, bai sami abin zana wa ja ba. Ya mayar da murfin bironsa, ya ce ta ci gaba da ajinta. A bakin ƙofa ya juyo ya rage murya, don shi ma ɗan bakin gulbi ne, ya ce gara ta riƙa rubuta maganar kyanwar a saman takarda, kuma ta ƙara da ɓera.