Ranar da Yaya ya ce eh

Wata goma sha huɗu Yaya ya yi a gidan yari kafin maganar amsa laifi ta taso. Ni ce mai kai masa abinci duk Asabar. Tun ina kuka a layin masu ziyara har na koma ina tsayawa kawai, ina kallon kwanukan mutane.

Yaya tela ne a Yakasai. Wani abokin cinikinsa ne ya kawo janareto, ya ce a ajiye masa a zaure kwana biyu. A unguwarmu ba a tambayar mai ajiya takardar saye, abin kunya ne. Ina tsaye aka shigo da janareton. Ashe wani kanti aka fasa aka ɗauko shi. Aka kama mutumin, aka haɗa da Yaya, aka tuhume su da haɗa baki da fasa kanti da sata. An ba da beli, amma sai babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa. Mu kuwa duk danginmu daga tela sai marini.

Yau shaida bai zo ba, gobe an yi wa ɗan sanda canjin wurin aiki. Haka aka yi ta ɗage zama.

Lauyanmu mace ce, marar son zagaye-zagaye. Wata rana ta zaunar da mu a ɗakin ganawa ta ce, "Malam, mai gabatar da ƙara ya kawo tayi. Ka amsa cewa ka karɓi kayan sata kana sane, su janye sauran tuhumar. Shekara ɗaya za su nema, a lissafa da zaman da ka yi. Mai kantin ya karɓi kayansa, ya amince. Idan alƙali ya yarda, ranar za ka tafi gida."

"Idan bai yarda ba fa, Barista?" na tambaya.

"Shi ba ya cikin cinikin. A rubuce za a kai masa. Idan ya ga hukuncin ya yi kaɗan zai faɗa, Malam na da ikon janye amsarsa, a koma shari'a gaban wani alƙalin."

Ta ce shi wanda ya kawo janareton tuni ya karɓi nasa tayin, kuma ya yi hankali, don an gan shi, an kama shi da sauran kaya, babu inda zai ɓulle. Wanda ya aikata, hujja ta yi masa yawa, gara ya amsa ya rage wa kansa shekaru.

"Kai naka daban ne," ta ce. "Ina ganin za mu iya yin nasara, amma ban san yaushe ba, kuma ban yi maka alkawari ba. Idan ka amsa, ka zama wanda kotu ta hukunta, ba ya goguwa. In ba ka aikata ba, ba zan ce ka amsa ba."

Yaya ya ce, "To ban sani ba na sata ne."

Ni ce na buɗe baki. Na ce, "Yaya, Inna ba ta ko tashi zaune yanzu. Kana so sai an zo nan an yi maka ta'aziyya?" Na san inda na taɓa. Ban ji komai ba lokacin da nake faɗa, har yau kuma ban san ko daidai na yi ba.

Bayan mako guda ya aika wa lauya cewa zai amsa. Ta sake tambayarsa har sau biyu, ya ce ta kawo takarda kawai.

A kotu abin bai kai tsawon dafa shayi ba. Aka karanta takardar, tafinta ya juya masa da Hausa. Alƙali ya tambaye shi ko sa hannunsa ne, ya ce eh. Ko wani ya tilasta masa? Ya ce a'a, bai kalli inda nake ba. Ko ya amsa cewa ya karɓi janareton yana sane na sata ne?

"Eh," in ji Yaya.

Da la'asar muna gida. Inna ta shafa kansa ta yi ta hamdala. Na ɗora kunu, don mata sun fara shigowa barka.

Cikinsu har da gwaggonmu, ƙanwar Baba, wadda ta goya Yaya yana jariri. Ta zauna a tabarma ta ajiye jakarta gefe, ta ce wa Inna, "Ai shi ke nan, tunda ya amsa da bakinsa. Allah ya shirya mana."

Inna ta ce amin. Na so in ce ina wurin aka kawo janareton, sai na ga ba ni da ƙarfin farawa.

Yaya ya yi sallama ya shigo gaishe ta, ya durƙusa kusa da tabarmar. Gwaggo tana amsawa da fara'a, tana sa masa albarka, hannunta ya jawo jakar ya ɗora a cinya. Ba na jin ta san ta yi.

Yaya ya gani. Ya ƙarasa gaisuwarsa, ya ja da baya kaɗan, ya maida hannuwansa bayansa.