Gurbin Malam Kafin Azahar

A shekarar da aka ɗora mani sakatariyar ƙungiyarmu ta malaman gona, reshen Dutsin-Ma da Kurfi, ban gama amsa barka ba aka miƙo mani aikin taron shekara. Taron wuni guda ne, amma shirya shi sai ya sa mutum furfura. Mu uku aka ba wa: ni, da Shugaba, wani Alhaji mai sanyin hali wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba, sai Madam, 'yar Jos ce Kirista, ta daɗe a ofishinmu har Hausarta ta koma ta Katsinawa. A bayan shagon irin shuka na ƙanen Shugaba muke zama, kan buhuna.

Abin da ya faru a taron bara shi ya sa muka zauna da zafinmu. Malam ne ya yi mana aika-aika. Malam shi ne babbanmu, mutumin Kurfi, rabinmu a hannunsa muka koyi aiki, ni ma shi ya fara ɗora ni a babur ya kai ni Rawayau na tsaya gaban manoma. An ba shi ɗan lokaci ya yi magana kan ajiyar wake, sai bawan Allah ya kama lasifika ya ƙi saki. Madam ta rubuta masa 'yar takarda cewa lokaci ya ƙare, ya karɓa ya sa aljihu. Ta sake aikawa, ya sake sa wa aljihu. Haka ya yi ta yi har shinkafa ta huce, masu jawabi biyu suka koma gida da takardunsu ba su buɗe ba. Ɗaya daga cikinsu ni ce, kuma na ji haushi ƙwarai.

Saboda haka bana muka ce sai doka. Na rubuta sanarwar neman masu jawabi da kaina. Na sa taken taro, wato rage asarar amfanin gona bayan girbi, da ƙananan batutuwa a ƙarƙashinsa, da rana da wuri. Duk mai son magana ya aiko da kan maganarsa, da taƙaitaccen bayanin abin da zai faɗa a rubuce, da ɗan tarihin aikinsa, kafin ranar rufewa. Kwamiti zai cire sunaye kafin ya tantance, don kada a zaɓi fuska. Wanda aka zaɓa yana da minti ashirin, zai karanta takardarsa, tambayoyi kuma a rubuto su a miƙa masa kamar kullum. Madam ta ce a ƙara cewa wanda bai aiko ba ba zai hau ba, ko wane ne. Shugaba ya ce kalmar "ko wane ne" ta yi kaifi. Muka yi masa shiru har ya haƙura. Ba wanda ya ambaci sunan Malam, amma duk mun san don wa aka ɗinka rigar.

Na tura a zauren wayar ƙungiya, na manna a ofisoshi. Matasa suka yi ta aikowa, wasu da ma'ana, wasu kuwa Allah kaɗai ya san inda suka kwaso. Wani yaro mai aiki a Shema ya aiko da taƙaitawa da ta fi takardar kanta tsawo. Amma manya, ko ɗaya. Ranar rufewa ta matso, shiru.

Shugaba ne ya fassara mana shirun. Ya ce mu da muka girma a nan mun sani, babba ba ya neman a ba shi magana, zuwa ake yi gidansa a gaishe shi a roƙe shi. Kin taɓa ganin dattijo ya rubuta takarda yana roƙon yara su saurare shi? Sannan ya sauke murya ya ce bana Malam zai yi ritaya, wannan ne taronsa na ƙarshe. Jawabin baƙo na musamman, wanda shi kaɗai ake gayyata ba tare da tantancewa ba, Shugaba ya riga ya yi wa wani farfesa alkawarinsa tun kafin mu zauna. Ke nan in Malam bai aiko ba, za a buga jadawalin taronsa na ƙarshe babu sunansa a ciki. Madam ta ce doka doka ce, amma ba ta kalli kowa ba da ta faɗa.

Ni aka tura, wai ni 'yar gidansa ce. Na hau mota zuwa Kurfi ina ta shirya faɗa a raina. Girman kai ne kawai, na ce, mutum ya cinye mana lokaci bara, bana kuma sai mun durƙusa.

Na same shi a zaure, an shimfiɗa masa darduma bakin ƙofa inda haske yake. Na gaishe shi, ya ce a'a, Sakatariya da kanta, yau kuma wace doka aka kawo mana? Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, Hajiyarsa ta aiko da fura. Na ciro sanarwar zan karanta masa, ya ce in bar wahalar da kaina. Ya karanto mani ita da ka, tun daga take har "ko wane ne", ya ja kalmar yana murmushi. Ya ce 'yarsa ta karanta masa a waya, kuma rubutun ya yi kyau, wanda ya koyar da ni bai yi asara ba.

Na ce to tunda kun sani, Malam, layi kaɗan ne fa, ku rubuta mu wuce wurin. Kuma da yake bakina ba ya riƙe magana, na ƙara da cewa da kun duba takardun da Madam ta aiko maku bara, da ba a kai ga wannan ba.

Ya juyo wajena. Sannan ya tambaye ni me aka rubuta a cikinsu. Na ce me kuwa, lokaci ya ƙare.

Ya yi dariya har da tari. Da ta lafa ya ce, "Ni na ɗauka tambayoyi ne. Ba na ganin rubutu, 'yata, tun kafin taron nan. Na ga takardu na taruwa a aljihuna, na san ina yin shiru za a ce in fito da su in karanta a gaban yaran da na koyar. Shi ya sa na ƙi yin shiru."

Wallahi ludayin furar nan a hannuna ya tsaya. Mutumin da ke duba ganyen dawa daga kan babur ya faɗa maka abin da ke cin sa. Ya ce an kai shi asibitin ido, sun ce abin ya riga ya yi nisa, sai dai a riƙe wanda ya rage. Mutane yana gane su da murya da tafiya. A ofis ba wanda ya sani, don da ma aikinsa na baki ne da ƙafa, rahoto kuwa 'yarsa ke rubutawa. Ya ce sanarwata ba ta da laifi, sai dai duk ƙofofinta na masu ido ne: a rubuto, a karanta, a miƙo a rubuce. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, shi kuwa sai tsokanata yake, wai in shanye furar kada ita ma ta huce kamar shinkafar bara.

Na roƙe shi izinin in faɗa wa mutum biyu kawai. Ya ce Shugaba dai zai yi kuka, Madam kuma za ta yi doka.

Haka kuwa aka yi. Shugaba ya cire hula ya yi ta share ido. Madam kuwa, ita da ta aika takardun, ta ce ba za a buɗe wa mutum ɗaya taga ba, in za a gyara a gyara wa kowa. Muka sake fitar da sanarwar: ban da karanta takarda, akwai zaman hira, inda wani zai zauna da mai magana yana yi masa tambayoyi. Wanda ya fi son haka yana iya aiko da taƙaitawarsa da murya a waya, ni in rubuta in cire suna kafin a tantance. Muka ƙara wa'adi kaɗan. Shugaba kuma ya ɗauki babur ya zaga gidajen manya yana gaisuwa, abin da ya kamata mu fara da shi. Wata dattijuwar abokiyar aikinmu da ke Ɗantutture ta aiko da tata. Malam ma ya aiko, kan ajiyar wake a buhun da iska ba ta shiga. Cire sunan nasa wasa ne kawai, domin ko a rubuce kana jin muryarsa.

Sai jadawali. Rajista da safe, addu'ar buɗewa ta Musulmi da ta Kirista, maraba daga Shugaba, jawabin farfesa, sai zama na farko na takardu, kowane zama da mai jagoranta da mai kula da lokaci. Gaisuwar manyan baƙi muka matse ta wuri guda, muka bar ɗan sarari bayanta don mun san halin mutanenmu. Bayan salla da abinci zama na biyu, karanta matsayar taro, godiya, a tashi da wuri don na ƙauye su isa gida da rana. Hirar Malam na sa ta daf da azahar, ni ce mai tambaya. Na ce in bai ji tsoron Madam ba, ai zai ji ladan. Maimakon takarda kuma, Madam za ta buga cokali a jikin kofi.

Da na kira shi na karanta masa jadawalin, ya gane dabarar nan take, ya ce wato na haɗa shi da ladan. Sannan ya ce in maimaita layin da sunansa yake. Na maimaita.

Ranar taro muka zauna kan kujeru biyu a gaban jama'a. Na yi tambaya ɗaya, ya ɗauka ya tafi, sauran tambayoyina suna hannuna suna jira. Can sai wani daga baya ya aiko da 'yar takarda, mai kai saƙo kuma, da yake bai san komai ba, ya danƙa wa Malam a hannu. Malam ya juya ta a yatsunsa, na ga hannun ya nufi aljihu, sai ya tsaya. Ya miƙo mani ita a gaban kowa, bakinsa a kan lasifika.

"Karanta mani, Sakatariya. Idona ya riga ni yin ritaya."

Na warware takardar. Na karanta, tambaya ce kan ko ana iya sake amfani da buhun a shekara ta biyu. Ya gyara zama ya fara amsawa. Minti ashirin ɗinsa sun wuce tuni. Na waiga wajen Madam, cokalin yana hannunta, kofin yana gabanta, ita kuma tana kallon tebur. Ba ta buga ba har aka kira salla.