Kalma Casa'in da Shida a Kan Fitilar Baba

A gidan tarihin nan kowa yana da sunan muƙaminsa, ita kaɗai ce ake kira da sunan kayan aiki. Almakashi suke ce mata, tun daga Darakta har mai gadi, kuma ta san ba yabo ba ne. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce ta zo a matsayin mai buga takardu da tafireta. Masana suna kawo mata rubutun da za a manna a bango kusa da kayan tarihi, tana bugawa, tana rage abin da ta ga ya yi yawa ba tare da ta gaya wa kowa ba. Sai da aka shekara biyu kafin wani ya lura, kuma abin da ya sa ya lura shi ne ya ga baƙi sun fara tsayawa suna karantawa. Daga nan aka bar mata aikin allon bayani gaba ɗaya, ba a ƙara mata ko kujera ba.

Ofishinta wani ɗan lungu ne a bayan ɗakin ajiya, tebur ɗaya, fanka mai kuka, da jan biro a cikin kofin shayi da hannunsa ya karye. Dokarta ba ta da yawa. Allo kada ya wuce kalma ɗari, domin mai karatun a tsaye yake, ƙafarsa ta gaji, wataƙila da goyo a baya, wani kuma yana tura shi. Jimlar farko ta kama abin da idonsa yake gani a cikin gilashi. Magana ɗaya tak allo zai ɗauka. Shekara da lambar kaya da sunan wanda ya bayar, duk su koma ƙaramin kati a gefe. In ta gama, sai ta fita baranda ta tare Inna mai shara, ta karanta mata da ƙarfi. Muddin tsintsiya ta tsaya, rubutu ya yi. Da zarar Inna ta ci gaba da shara, to jan biro ya samu aiki.

Babanta mai haƙar rijiya ne. Ta tashi tana ganin sa yana fita da asuba da diga da guga da igiya a kafaɗa, da wata fitilar ƙwai mai tsatsa wadda ba a taɓa yarda a kunna ta a cikin gida ba, ko da kuwa an kwana a duhu. Da ƙarfinsa ya ƙare, ita da kanta ta ɗauko kayan ta kawo gidan tarihi. Magatakardan wancan lokaci ya karɓa yana hamma, ya rubuta a rajista: «Fitila, don haske a cikin rami.» Aka nannaɗe ta aka jefa a kan kanta ta huɗu a ɗakin ajiya, ta yi shekara goma sha ɗaya ba wanda ya tambaye ta.

Saura wata uku Almakashi ta yi ritaya aka ce za a buɗe sabon baje koli a kan ruwa da rijiyoyi. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Dakta, shugaban sashen bincike, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ya fara da gabatarwa. Ya turo mata bayanin fitilar a shafi ɗaya da rabi. Ta ƙirga, kalma ɗari huɗu da goma sha biyu. Jimlar farko kaɗai ta ci layi shida, ta fara daga dangantakar ɗan Adam da albarkatun ƙarƙashin ƙasa, ba ta iso kan fitila ba sai da numfashin mai karatu ya ƙare. Almakashi ta gwada wa Inna. Kafin ta kai waƙafi na biyu, Inna ta share baranda har ta kai bakin matakala.

Tsawon bai dame ta ba, ta saba da shi. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne layin da ya ce ana amfani da fitilar wajen haskaka wurin aiki. Ta ɗauki takardar ta nufi ofishinsa.

«Dakta, fitilar nan ba ta haske ba ce. Zura ta ake yi kafin mutum ya sauka. In wutar ta mutu, iskar ramin ba ta da kyau, ba a shiga.»

Ya cire tabarau ya dube ta kamar ta tako masa darduma da takalmi. «A wane littafi kika gani, Malama?»

«Ba a littafi ba. Ta babana ce. Ranar da ba su zura ta ba, ƙaninsa ya mutu a ciki.»

«Allah ya jiƙansa. Amma rajista ta ce don haske.»

«Wanda ya rubuta rajistar bai tambaye ni ba, ranka ya daɗe. Kuma ga igiyar nan a jikinta, kamu talatin. Wa zai ɗaura wa fitilar hannu igiya kamu talatin?»

Ya ce shaidar baki ma hujja ce, ba ya musu, amma sai an ɗauki muryar mai ita, ya sa hannu a takardar yarda, an shigar da ita fayil. A nan gaskiyarsa ce, ita ma ta sani. Ranar Asabar ta ɗauki na'urar ɗaukar murya ta tafi gida. Baba yana zaune a ƙofar ɗaki yana jan carbi. Shekara hamsin ba ta taɓa jin ya ba da labarin ranar daga farko har ƙarshe ba, sai ranar nan. Ya ce mai gona ne yake ta azalzalarsu, rana ta yi, ƙaninsa Auta ya ce bari ya leƙa ramin ya fito. Da ya gama ya dangwala yatsa a takarda, sannan ya ce:

«To Uwata, in za ku rubuta, ku sa Auta a ciki. Bai bar ɗa ba, bai bar hoto ba. Ko a bangon naku ne a san ya zo duniya.»

Ta ce, «Zai shiga, Baba.»

Kwana huɗu ta yi a kan allon, tana rubutawa tana yankewa. Ga abin da ta tsaya a kai:

«Fitilar da ke riga mutum sauka. Dubi igiyar da ke ɗaure a mariƙin wannan fitila. Ba don haske ake kunna ta ba. Kafin mai haƙar rijiya ya shiga rami, sai a kunna fitilar a zura ta har ƙasa. Idan ta ci gaba da ci, akwai iskar da mutum zai shaƙa. Idan ta mutu, ba mai sauka ranar sai an kaɗa iska a ramin. Mai wannan fitila ya yi shekara arba'in yana haƙa. Sau ɗaya tak suka yi sauri, ba su zura ta ba. Ƙaninsa ne ya sauka, kuma bai fito da rai ba. Daga ranar, fitilar ce ke fara shiga kowane rami.»

Kalma casa'in da shida, ban da kan magana. Ta karanta wa Inna. Tsintsiya ta tsaya tun a jimla ta biyu, da aka kai ƙarshe Inna ta jingina ta da bango ta ce, «Wayyo, yaron mutane.»

Sai kwamitin baje kolin ya zauna. Mutum bakwai ne, an kawo musu lemo da biskit, kuma kowannensu ya ji cewa in ya tashi bai taɓa rubutun ba, an ci da haƙƙinsa. Dakta ya ce maganar ta yi sauƙi da yawa, baƙo mai ilimi zai ɗauka ba a yi bincike ba, don haka ya dawo da dangantakar ɗan Adam da albarkatun ƙasa. Mai kula da hulɗa da jama'a ta ce mutuwa ba ta dace da bikin buɗewa ba, manyan baƙi za su zo da iyalinsu. Darakta bai ma dubi fitilar ba, damuwarsa ita ce kamfanin da ya ɗauki nauyin baje kolin ya ga an gode masa a babban allo, ba a ɗan kati ba, kuma tunda za a gode masa, ai ba za a bar kwamiti a baya ba. Maganar gwajin iska kuwa, aka yi mata alfarma aka sa ta a layi na goma sha tara, da «wasu na cewa» a gabanta. Baba da ya yi shekara arba'in a cikin rami ya zama wasu.

Almakashi ta ce, «Ranku ya daɗe, ku cire min komai, ku bar jimla biyun nan na ƙaninsa. Kalma ashirin da ɗaya ne.»

Darakta ya yi murmushi ya ce, «Ke da kike hana mu tsawaitawa? Ai babu wuri, Malama.»

Allon ya dawo daga maɗaba'a da kalma ɗari biyu da sittin. Don su shiga, an ƙanƙance haruffan har sai mutum ya kusa goga hanci a bango. Ranar buɗewa ta tsaya a gefe da agogonta kamar yadda ta saba. Mutum arba'in da uku suka wuce ta gaban fitilar. Biyu suka tsaya, ɗaya yana ɗaure igiyar takalmi, ɗayan kuma ɗan kwamiti ne yana duba ko an rubuta muƙaminsa daidai. Takaici ya cika ta.

Bayan la'asar, da manya suka watse, Baba ya iso da farar rigarsa ta Juma'a, yana dogara sanda. Ya daɗe a gaban gilashin. An goge fitilar, an naɗe igiyar da kyau a gefenta.

«Ko da nake da ita ba ta taɓa yin tsabta haka ba,» in ji shi. «To karanta min, Uwata.»

Ta tsaya gaban allon, ta sa ido a kan dangantakar ɗan Adam da albarkatun ƙasa, ta karanta masa nata casa'in da shida daga ka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Yana ji yana gyaɗa kai. Da ta gama ya dubi allon daga sama har ƙasa. Bai iya karatu ba, amma ya iya auna zurfi da ido.

«Duk wannan rubutun, har kin gama?»

«Sauran godiya ce, Baba.»

«Wa suke gode wa?»

«Junansu.»

Ya yi 'yar dariya, sannan ya matso ya ɗora yatsa a kan allon, yana bin layukan a hankali.

«A ina Auta yake? Nuna min wurin.»

A shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa yarda an manna ƙarya a bangon nan da saninta ba. Ta kama yatsan tsohon, mai kaushi kamar igiyar da ke cikin gilashi, ta sauke shi a kan layin da ke gode wa shugaban kwamiti.

«Ga shi nan, Baba.»

Ya bar yatsansa a wurin, leɓensa yana motsi da addu'a, har mai gadi ya zo ya ce za a rufe.