Malama Sake da Ɗakin Ajiya

A makarantar nan babu wanda ke kiranta da sunan yanka. Malama Sake ake ce mata, saboda kalmar da ta fi yawa a bakinta ke nan. Yaro ya kai ƙarshen shafi yana haki, ya ɗago kai yana jiran a sallame shi, sai ta gyara tabarau ta ce, "Madalla. Sake." Har mijinta ya ɗauka, in ta miƙa masa shayi ya shanye sai ya turo kofin ya ce, "Malama, sake."

Shekara ashirin da uku tana koyarwa, ba a taɓa ba ta ko muƙamin mataimakiyar hedimasta ba, ita ma ba ta nema ba. Abin da ta nema, ta kuma samu bayan dogon naci, shi ne ɗakin ajiya da ke bayan ajin 'yan huɗu. Karyayyun kujeru ne a ciki da tsofaffin rajista da wata taswirar duniya da ɓera ya cinye rabinta. Nan ta share kusurwa ɗaya ta sa benci, kullum lokacin hutun tara tana zama da yara uku ko huɗu waɗanda karatu ya gagara, kowa da mintinsa goma.

Aikin nata ba shi da wani asiri. Takan zaɓi labari gajere, wanda bai fi ƙarfin yaro ba, ta karanta masa da kanta yana bin layi da yatsa, don ya ji yadda ake tsayawa a aya da yadda murya ke tashi a tambaya. Sannan shi ya karanta. In ya cije a kalma takan ɗan jira, in bai fita ba ta faɗa masa, ya koma farkon jimlar. Tana duba agogon hannunta, ta ƙirga kalmomin da ya karanta daidai a minti ɗaya, yaron ya ja layi a takardarsa ya ga da idonsa yadda yake hawa. A ƙarshe ta rufe littafin ta ce, "To, me ya faru?" Wanda ya zuba gudu kamar an biyo shi, bai san me ya karanta ba, ba ya samun madalla.

Doka ɗaya ce ba ta karyawa: sau huɗu, a canza shafi. Da kunya ta koye ta. Tana sabuwar malama ta taɓa riƙe wani yaro a shafi ɗaya har mako biyu, tana ta murna, sai ran nan ta lura yana rero mata labarin tsaf alhali idonsa na kan taga.

A zangon ƙarshe na bara aka kawo mata Auta, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ta riga ta maimaita aji huɗu sau ɗaya. Auta ta san baƙaƙe sarai. Matsalarta ita ce kowace kalma sai ta tsinka ta gaɓa-gaɓa, kafin ta kai ƙarshen jimla ta manta farkonta. Ranar farko kalma goma sha tara ta yi a minti ɗaya, gumi na tsatsafo mata a hanci.

"Malama, kaina ne ba ya ja," in ji ta.

"Wa ya gaya miki? Kanki aiki ne ya yi masa yawa. Duk ƙarfinsa yana ƙarewa wajen haɗa baƙaƙe, bai rage na jin labari ba. In kalmomin suka saba da idonki, zai samu sarari. Sake."

Mahaifin Auta direban babbar mota ne, mutum mai son 'yarsa amma haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Ya tsaya a bakin ɗakin ajiya da makullin mota a hannu ya ce, "Malama, ni fa na gaji da ganin tana dawowa gida da kuka. In aka sake cewa ta maimaita, cire ta zan yi, ta zauna wajen uwarta ta koyi ɗinki." Ba barazana yake yi ba, Malama ta san haka, kuma maganar ta tsaya mata a rai.

Mako goma suna abu ɗaya. Akwai ranar da Auta ta ture littafin ta ce ta gaji da labarin kaza, Malama ta ce ita ma ta gaji da kazar, su gama da ita yau su huta. Abin da Malama ke sa wa ido ba karatu na huɗu ba ne, wannan dole ya yi kyau. Karatun farko na sabon shafi take dubawa, shi ma kuwa yana ta hawa a hankali.

Sai dai sabon hedimasta ya riga ya sa sunan Auta cikin masu maimaitawa. Mutumin kirki ne, amma yana da saurin yanke hukunci. Ya sha wucewa ta bayan ɗakin yana jin labari ɗaya kwana uku a jere.

"Malama, da girmanki," ya ce mata a ofis, "wannan ai hadda ce. Ko aku aka yi wa haka zai karanta."

Ranta ya ɓaci, amma ta danne. "Ranka ya daɗe, kar ka yarda da ni. Ka ba ta abin da ba ta taɓa gani ba."

Aka kira Auta. Hedimasta ya buɗe kabad ya zaro littafin aji huɗu na wata tsohuwar manhaja, ya buɗe tsakiya ya miƙa mata. Labarin wani yaro ne da aka ba shi riƙon ƙanwarsa a tashar jirgin ƙasa. Malama ta koma jikin ƙofa ta harɗe hannu.

Auta ta fara da ƙaramar murya. Ta yi tuntuɓe a "fasinjoji", ta koma da kanta ta gyara. Ba gudu take yi ba, amma jimla na fita a jimla, da ta zo inda uwar ke cewa "Ina ƙanwarka?" muryarta ta tashi har hedimasta ya ɗago kai daga rajistarsa. Can wajen ƙarshen shafi sai ta yi tsit.

Malama ta matso daga jikin ƙofa. Ta buɗe baki za ta ba ta kalmar, ta tuna ba a ɗakinta take ba.

"Kin cije ne?" in ji hedimasta.

"A'a, Malam." Auta ta ɓata fuska. "Wannan yaron ba shi da hankali. An ce ya riƙe hannunta, ya tafi kallon inji. Ga jirgin zai tashi."

Hedimasta ya dube ta, ya dubi Malama, ya jawo takardar masu maimaitawa ya ja layi a kan suna ɗaya. "Ya isa haka. Kawo littafin, ki koma aji."

Auta ba ta miƙa ba. Ta riga ta juya shafi, yatsanta na kan layin farko.

"Don Allah, Malam, bari in ga ko an same ta."