Yadda Mubina Take Sauko da Manaja

Mubina 'yar Zawaciki ce, ita ke kula da masu shirya silifa a kwali a wata masana'anta da ke Sharaɗa. Manajansu, Alhaji Idrisu, idan ransa ya ɓaci, muryarsa har danne ƙarar injin take yi. Maza kan sunkuyar da kai, wasu su ɓuya bayan kwalaye. Ita kuwa sai ta ajiye abin hannunta, ta tsaya tana saurare, ba ta ramawa. Idan ya tsaya shan iska, ta ce a hankali, “Na ji, ranka ya daɗe. Zan same ku bayan la'asar.”

Tana zuwa ofis sai ta fara da gaisuwa. Ta tambayi gajiya, ta tambayi Hajiya da yara, har da ƙafarsa mai ciwo. Mutum ba ya amsa “lafiya lau” da tsawa, dole ya sauko.

Rannan da gaisuwa ta ƙare ta ce, “Alhaji, me za mu gyara? Ku faɗa mini nan, don a gaban yaran aikina kunya ke toshe mini kunne.”

Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, “Wai ɗazu a kan me nake faɗa?”